Layin farko na imel zuwa ofishin da ba ka san kowa ba

Maigida, idan aka kawo mana aikin imel zuwa ofishin da ba mu san sunan kowa a ciki ba, sai hannuna ya tsaya a layin farko. Da me ake buɗewa, kuma ta yaya zan nemi taimako ba tare da ya zama roƙo ba?

Hannunka yana tsayawa ne domin kana rubuta wa shugaban ofishi, alhali ba shi zai buɗe saƙon ba. Adireshin da ya fara da info@ ko support@ akwati ne na taron dangi. Wanda ke buɗe shi galibi ƙaramin ma'aikaci ne da aka ɗora wa rarraba saƙonni, kuma tambaya ɗaya ce a kansa: wannan na teburin wa ne? Kafin ma ya danna, abin da allo ke nuna masa sunan mai aikowa ne, da abin da aka sa a Subject, da 'yan kalmomin farko na saƙon. A waya ma wurin ya fi ƙanƙanta. Idan ka cinye waɗannan kalmomin da gaisuwa, ka rufe masa hanyar gane inda zai kai ka. Yadda ake shigar da adireshi da yadda ake maƙala takarda ba zan tsaya a kai ba, wanda bai iya wannan ba bai kai zama gaban kwamfuta a shagon rubuta wa mutane wasiƙu ba.

Akwai wani ɗan kasuwa da ke kawo aikin wasiƙunsa shago, ana rubuta masa bashi sai ƙarshen wata ya biya. Ya yi odar injin buga takardu daga wani kamfani, injin ya iso murfinsa a fashe, tiren takarda a karye. A jikin takardar da ta zo da kayan an rubuta ƙarara cewa duk abin da ya lalace a hanya a sanar cikin kwana 7, tare da lambar oda da hoto. Sai da ya ɓata kwana 3 yana kiran direban da ya kawo kayan suna cacar baki, sannan ya zo shago a rana ta huɗu, ya tarar da yaron da ke koyon aiki a lokacin. Yaron ya fara tsara masa buɗewa daidai yadda aka koya masa. Mutumin ya ce a goge, shi ba yaro ba ne, ya san yadda ake magana da manya, kuma kuɗinsa zai biya. Ya tsaya a kan yaron yana faɗa ana bugawa.

Ga abin da ya sa aka rubuta. Ya fara da "Ranka ya daɗe Manajan Darakta", ya yi gaisuwar safiya, ya tambayi iyali da gajiyar aiki, ya yi addu'ar ɗaukaka, layi uku cur. Daga nan ya juya ya ce shi babban kwastoma ne da ya daɗe yana hulɗa da su, an ci amanarsa, kuma idan ba a yi abin da ya dace ba zai ɗauki mataki. Babu lambar oda, babu sunan injin, babu ranar da kaya suka iso. A Subject ya sa a rubuta kalmar gaggawa da manyan baƙaƙe, ita kaɗai. Sannan ya ce a jera adireshi huɗu na kamfanin a gidan To, inda ake sa adireshin wanda za a aika wa, wai don kowa ya gani.

Kowa ya gani ɗin, kuma kowa ya ɗauka ɗan'uwansa zai amsa. Haka abin yakan kasance idan ka jera ofisoshi da yawa a To. Sai bayan kwana 2 wata ma'aikaciya ta amsa da layi ɗaya tana neman lambar oda da bayanin abin da ya faru. Amsar ta shiga wayarsa, bai duba ba sai da kwana 2 suka ƙara wucewa. Lokacin da lambar ta isa sashen da ke kula da kayan da suka lalace, wa'adi ya cika, suka ce saƙon farko bai ambaci wata oda ba balle a lissafa shi a matsayin sanarwa. Injin ya zama nasa da karayarsa. Mutumin nan bai ji kunya ba ya dawo ya ce shago ne ya ɓata masa wasiƙa, ya hana kuɗin aikin wata biyu, ya bi abokan kasuwancinsa yana cewa a nan ba a iya rubutu ba, har wasu suka janye aikinsu. Kwafin abin da ya faɗa da bakinsa yana nan a Sent, an nuna masa, ya ce ai aikin mai rubutu ne ya hana shi. Mai ƙarya ne kuma macuci, har gobe haka zan kira shi. Tun daga ranar doka ce a shagon nan: wanda ya ce sai nasa tsarin, a buga masa a takarda ya sa hannu kafin a tura.

Da ya bar yaron, abin da za a tura shi ne:

"Barkanku da aiki. Sunana wane, ni ne mai oda mai lamba kaza, injin buga takardu da ya iso ranar kaza murfinsa a fashe. Ina neman a buɗe mini ƙorafin kayan da suka lalace a hanya. Idan ba sashenku ke kula da wannan ba, don Allah a miƙa wa wanda ke da alhakin ko a ba ni adireshinsa."

Dubi gaisuwar, kalma uku ce. Na fi son "barkanku da aiki" saboda ba ta da lokaci. Kai ka rubuta da safe, shi zai iya karantawa da yamma ko bayan hutun ƙarshen mako, wataƙila ma agogonsu daban da naka, sai barka da safiya ta faɗi a banza. Kuma jam'i ne, ya ɗauki namiji, ya ɗauki mace, ya ɗauki ofis gaba ɗaya, ga girmamawa a ciki. "Ranka ya daɗe" ta yanke hukuncin cewa namiji ne kuma shugaba, kai kuwa ba ka sani ba. Sallama tana da kyau inda ka san da ita ake gaisawa a wurin. Idan da Turanci ofishin ke aiki, Dear Sir/Madam ta wadatar, kada ka tsaya a Dear Sir kaɗai. In ka san sunan sashen, ambace shi a gaisuwar, ya fi muƙamin da ka ƙirƙiro.

Gabatarwa ita ce inda ku yaran yanzu kuke ɓata. Ko dai ku yi tsalle ku faɗa cikin magana kamar kuna hira da aboki a waya, da gajerce-gajercen kalmomi da 'yan hotunan fuska, ko kuma ku zuba tarihin mutum tun daga makarantar firamare. Ofis ba ya neman sanin ko wane ne kai a duniya, yana neman sanin ko wane ne kai a cikin takardunsa. Saboda haka bayan suna, sai alaƙarka da su da abin da za su bincika ka da shi: lambar oda, lambar rasiti, lambar rajistar ɗalibi, lambar fayil. Kwafe ta daga takarda harafi bayan harafi, ka lura da sifili da harafin O, da 1 da ƙaramin l, domin lamba ɗaya ta kuskure sai su ce ba su same ka ba, an koma farko. Sunan ma ya zama wanda ke kan takardarsu, ba wanda ake kiran mutum da shi a gida ba. Idan babu wata alaƙa tukuna, faɗi inda aka samu adireshin da dalilin zuwa: "na ga adireshinku a sanarwar neman masu kawo kaya". Amma lambar sirri ta kati ko kalmar shiga asusu ba sa shiga imel ko da wasa.

Abu guda kuma da ya shafe mu masu rubuta wa wasu: idan daga adireshin shago za a tura, sunan da zai fito a allo na shago ne, wanda ke cikin saƙo na kwastoma. Wannan saɓanin yana sa a yi zargi. Ko dai a tura daga nasa adireshin, ko layin farko ya ce "ina rubutowa a madadin wane". Kuma ka tambaye shi wa zai riƙa duba amsa, kafin ya fita daga shago.

Roƙo kuwa, abin da ke mai da magana roƙo shi ne neman taimako ba tare da ka faɗi aikin ba. "A taimaka mini" ba ta ba ma'aikaci komai da zai yi, sai ya sake tambayarka, kuma kowace tambaya kwana ce ke tafiya. Faɗi aiki ɗaya da za a iya yi a tebur: a buɗe ƙorafi, a turo fom, a tabbatar takarda ta iso, a faɗi takardun da ake buƙata. Ɗaya na ce. Buƙata uku a layin farko na iya zama na sassa uku, sai mai rarrabawa ya rasa inda zai kai, ya ajiye. "Don Allah" sau ɗaya ta isa ladabi.

Sannan ka bar ƙofa, wato rabin jimlar nan da ke cewa in ba ku ba ne a miƙa ko a nuna mini. Ma'aikacin da saƙo ya faɗo wa bisa kuskure yakan yi shiru ne don ba shi da amsar tambayarka. Da ka ba shi wannan zaɓin, ka ba shi abin da zai iya yi cikin minti ɗaya ba tare da neman izinin kowa ba. Barazana tana yin akasin haka. Da ƙaramin ma'aikaci ya ga maganar kotu ko ɗaukar mataki, ba zai taɓa ba, zai ajiye wa na sama da shi, na sama kuma ba yau zai duba ba.

Idan akwai wa'adi, sa shi da kwanan wata a jimla ta biyu, kada ka ce "cikin gaggawa". Subject kuma ya ɗauki abu biyu, irin matsalar da lambar, misali "Kaya sun iso a lalace, oda mai lamba kaza". Kada ka taɓa tura takarda a maƙale saƙon kuma fayau babu rubutu, ma'aikata da yawa an gargaɗe su kada su buɗe irin wannan, wani lokaci ma Spam yake faɗawa.

Kafin ka danna Send, tura wa wayarka tukuna, ka duba jerin saƙonni ba tare da ka buɗe ba. Idan abin da ya fito bai nuna maka sashen da ya kamata a kai shi ba, koma ka rage gaisuwa ka matso da lambar gaba. Ofishi ɗaya a To, saura in dole ne a Cc, gidan waɗanda ake ba kwafi. In kwana 2 na aiki sun wuce shiru kuma wa'adi na matsowa, yi Reply a kan saƙon farko don ranar da aka fara sanarwa ta fito a ƙasa, sannan a ɗauki waya a kira su a karanta musu lambar.