Baƙar damisa ce ko baƙar jaguwa?

"An turo mini hoton wata baƙar dabba mai kama da damisa, amma babu rodi-rodi ko ɗaya a jikinta. Ta yaya zan gane ko damisa ce ko jaguwa?"

Rodi-rodin yana nan, baƙin gashi ne ya lulluɓe shi, kuma sau da yawa ana iya fito da shi. Ka buɗe hoton a wayarka, ka ƙara hasken wuraren da suka yi duhu, sannan ka duba haƙarƙari da cinya, musamman inda rana ta bugi jikin a karkace. Idan zobban da suka bayyana ƙanana ne, a cunkushe, babu komai a tsakiyarsu, damisa ce. Idan kuwa manya ne masu ɗigo a ciki, jaguwa ce. Ka kuma tambayi inda aka ɗauki hoton, domin a daji damisa tana Afirka da Asiya, jaguwa kuwa sai nahiyar Amurka.

Sharaɗin shi ne ka samu hoton na asali, saboda na lura wanda aka yi ta turawa ta WhatsApp yakan matse har inuwarsa ta zama baƙi ƙirin, ƙara haske ba ya fito da komai. A nan sai ka koma ga ƙirar jiki: jaguwa tana da ƙaton kai, da gajerun ƙafafu masu kauri, da guntun wutsiya, ita kuwa damisa siririya ce mai dogon wutsiya.