Kawu, me ya sa aka hana ni cewa "abin takaici" a labarai?

"Kawu ina wuni, ya jikin? Sati na uku ke nan da fara koyon aiki a gidan rediyo, jiya aka ba ni labaran rana in gwada karantawa, da na zo kan wani labarin hatsari sai na ce 'abin takaici', wallahi edita kamar zai cinye ni. Amma da yamma mai shirin kira ta waya faɗin ra'ayinsa yake son ransa ba mai ce masa kanzil. Wace irin al'ada ce wannan don Allah?"

Lafiya lau 'yata, jiki Alhamdulillahi. Editanki yana da gaskiya, ni ma da ni ne a kujerar abin da zan yi ke nan, sai dai ƙila in rage faɗan. Makirufo ɗaya ne, sutudiyo ɗaya, wani lokaci ma mutum ɗaya ne yake zama sau uku a rana, amma aikin ba ɗaya ba ne, kuma tun muna sabbin shiga abin da ake fara cusa mana shi ne kafin jan fitila ta kama ka tambayi kanka, yanzu bakin wa zan ara in yi magana da shi.

A labarai bakin ba naki ba ne, na gidan rediyon ne. Duk jimlar da kika karanta ta bi ta hannun wakili da ya gani ko ya ji, ta bi ta hannun edita da ya tantance, ke ce ta ƙarshe, aikinki ki kai wa mai sauraro ita yadda aka ba ki. Idan kika ƙara "abin takaici" kin saka abin da babu wanda ya tantance shi. Za ki ce ai hatsari kowa ya san abin takaici ne, haka ne, to amma bakin da ya saba da ƙara gishiri a kan hatsari gobe zai ƙara a kan sakamakon zaɓe ko hukuncin kotu, inda takaicin wani farin cikin wani ne, daga ranar kuma rabin masu sauraro sun daina yarda da ke. Tausayin ba a hana shi ba, a murya yake fita, ki sassauta, ki ɗan ja numfashi kafin ki shiga labari na gaba. Abin ya kai har a BBC a farkon zamaninta masu karanta labarai ko sunansu ba sa faɗa, sai a 1940 lokacin yaƙin duniya na biyu suka fara faɗa, shi ma don tsoron kada Jamusawa su kwaikwayi muryarsu su watsa ƙarya.

Ga kuma agogo. Ma'aunin da aka koya mana shi ne kalma uku a daƙiƙa ɗaya, ke nan labaran minti biyar ba su wuce kalma 900 ba, idan aka cire kanun labarai da muryoyin wakilai abin da ya rage miki kaɗan ne, labari guda daƙiƙa talatin zuwa arba'in, kalma casa'in zuwa ɗari da ashirin. A nan kowace kalma sai ta biya kuɗin zamanta.

Bari mu ɗauki labari ɗaya mu bi shi, misali ne kawai. A ce gada ta karye da asuba, mota ta faɗa, mutum huɗu sun rasu. A labaran rana za ki ce gada kaza ta karye, 'yan sanda sun ce mutum huɗu sun rasu, shida suna asibiti, ma'aikatar ayyuka ta ce ta fara bincike. Ki lura da "sun ce" da "ta ce", su ne garkuwarki. Idan mazauna wajen sun ce gawa goma suka gani, sai ki faɗi duka biyun kowanne da mai shi, ba ke za ki zaɓa ba. Kalmar sakaci kuwa ba ta fitowa daga bakinki sai in wani ne ya faɗa kuma kin ambaci wanda ya faɗa. Mafi muhimmanci a jimlar farko, sauran su biyo baya, don in lokaci ya ƙure furodusa ya yanke daga ƙasa ba a yi asarar komai ba. Kin gama, kin wuce labari na gaba.

Da dare sai shirin al'amuran yau da kullum ya ɗauki gadar nan ya ba ta minti talatin ita kaɗai, a nan ne ni na fi daɗewa kuma a ganina a nan gizo ke saƙar. Tambayar ta tashi daga me ya faru ta koma me ya sa, kuma wa ke da alhaki. Za a fara da rahoton wakili na minti uku ko huɗu daga wajen, sai injiniya ya yi bayanin yadda gada take nuna alama kafin ta karye, tsagewa, zaizayar ƙasa a gindin ginshiƙi, sannan a zaunar da jami'in ma'aikatar. Yanzu bakin da kika ara na mai sauraro ne, shi da ba zai taɓa samun zama gaban jami'in nan ba, ke ce za ki tambaya masa. An ba ki damar katse mutum, an ba ki damar matsa masa, har yanzu dai ba a ba ki damar yanke hukunci ba.

Ki ce masa, ranka ya daɗe yaushe aka duba gadar nan na ƙarshe? Zai ce da farko yana miƙa ta'aziyya ga iyalai, gwamnati ta damu ƙwarai. Ki bar shi ya gama ta'aziyyar don haƙƙinsa ne, sannan ki ce mun gode, amma yaushe aka duba ta? Zai ce ai an kafa kwamiti. Ki ce kwamitin na gaba ne, ni baya nake tambaya, akwai takardar da mazauna suka ce sun rubuto muku bara, ta iso ko ba ta iso ba? Idan ya sake waskewa sai ki ce to masu sauraro sun ji na tambaya sau uku, mu je gaba. Ba ki ce ya yi ƙarya ba, ba ki ce ya yi sakaci ba, kin dai bar kame-kamensa a fili kowa ya ji da kunnensa. Wanda ya fi shahara da irin wannan shi ne Jeremy Paxman a shirin Newsnight na talabijin ɗin BBC, a 1997 ya yi wa Michael Howard, wanda bai daɗe da sauka daga ministan cikin gidan Birtaniya ba, tambaya ɗaya sau goma sha biyu a jere kan ko ya yi barazanar soke shawarar shugaban hukumar gidajen yari. Ba na so ki kwaikwayi zafinsa, riƙe tambayar nake so ki gani.

Abin da ke lalata irin wannan shiri guda biyu ne kuma duk ana jin su a kunne. Ko mai gabatarwa bai yi bincike ba, sai ya zama ɗan amshin shata, baƙo ya faɗi adadin da ba haka ba ne shi kuma yana "haka ne, haka ne" yana duba tambaya ta gaba a takarda, ko kuma ya zo da hukuncinsa a aljihu, tambayarsa ta fi amsar tsawo. Ki gwada wani abu, ki saurari hira da agogo a hannu, idan mai tambaya ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku na lokacin to wa'azi ya zo yi. Sannan duk yadda kika matsa wa na gwamnati haka za ki matsa wa na adawa in ya zo gobe yana cewa da su ne da gadar ba ta karye ba, ki tambaye shi lokacin da suke kai sau nawa suka duba ta.

Sai shirin yamman da ya tsone miki ido. Shi mai shirin tattaunawa ko kira ta waya mai masaukin baƙi ne, mutane don shi suke kunna rediyo, don barkwancinsa da yadda yake jan magana, shi ya sa aka sakar masa mara ya ce "ni a ganina". Babu rubutaccen labari a gabansa sai 'yan maudu'ai da sunayen baƙi. A kan gadar zai buɗe layi, direba ya kira ya ce kullum in ya hau ta sai ya ji tana rawa, wata ta kira tana kuka ƙaninta na cikin motar, abin da labarai ba su da wajen sa shi ke nan. Yawan sakin marar kuma ya danganta da ƙasa da gida. A Amurka da akwai ƙa'idar da ta tilasta wa tashoshi kawo ɓangarori daban-daban kan batun da ake taƙaddama, aka soke ta a 1987, daga nan masu shirin ra'ayi zalla irin su Rush Limbaugh suka cika iska. A gidaje irin BBC kuwa ko a shirin jin ra'ayoyi kamar Ra'ayi Riga, ra'ayin na masu sauraro ne da baƙi, mai gabatarwa raba dama kawai yake yi.

Kada ki ɗauka wai shi yana hutawa ne. Tsakani da Allah kujerarsa ta fi taki haɗari, ke abin da kike karantawa an tace shi, shi kuwa ɗanyar magana ce take shigo masa kai tsaye. Wani zai kira ya ce ɗan kwangila wane ne ya cinye kuɗin gadar, ya kama suna, babu hujja ko ɗaya. In an bari ta fita, gidan rediyon za a maka a kotu kan ɓata suna, ba wanda zai je neman mai kiran. Shi ya sa ake da mai tace kira kafin a saka mutum a iska, manyan tashoshi kuma suna jinkirta sauti kamar daƙiƙa bakwai, in magana ta ɓaci furodusa ya danna maɓalli ta zube kafin ta kai kunnen jama'a. Inda babu na'urar, mai shirin ne zai tare nan take, ya ce malam wannan zargi ne ba mu da tabbacinsa, kuma wanda ka ambata ba ya nan balle ya kare kansa. Na taɓa zama a bayan gilashi ina furodusa wani abokin aikina ya yi shiru na daƙiƙa biyar kacal a irin wannan, wata uku muna zarya wajen lauyoyi, ƙarshe sai da muka nemi afuwa a iska kwana uku a jere. In kuma kina son ganin ƙarshen abin ki karanta tarihin RTLM a Ruwanda a 1994, tasha ce ta kiɗa da hira da raha, masu gabatarwa suka riƙa kiran sunayen mutane da inda suka ɓuya, daga baya kotun duniya da ta yi zama a Arusha ta ɗaure wasu daga cikin jagororinta.

Abin da ni ba na so, kuma ina ganin yana yawa yanzu, shi ne mutum ɗaya ya karanta labaran safe da yamma kuma ya zauna yana caccakar wanda ya ba da labarinsa. Gobe in ya ce "'yan sanda sun ce", mai sauraro muryar jiya da yamma yake ji. Ƙananan tashoshi rashin ma'aikata ne ke sa su haka, na sani, amma ke in an ba ki zaɓi ki riƙe labarai tukuna, ko shekara biyu, ki koyi rubuta labari a kalma tamanin ba tare da kin saka kanki a ciki ba, sauran za su zo miki da sauƙi.

Gobe ki je wajen editan nan da sassafe ki roƙe shi ya ba ki rubutun labaran jiya wanda ya yi wa gyara da biro, ki zauna ki duba kalmomin da ya soke ɗaya bayan ɗaya. Ki turo mini hotonsa in kin samu mu duba tare. Ki gaida mamanki.