Tsaunukan nesa suna ƙyaftawa ko da zurfi mai bit 32: ina matsalar take?

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa wasan tuƙa jirgin sama da OpenGL. Iyakar kusa mita 0.1 ce, ta nesa kilomita 50. Bakin teku da tsaunukan nesa sai ƙyaftawa suke, ruwa yana shiga ƙasa, ƙasa tana shiga ruwa. Na koma `GL_DEPTH_COMPONENT32F`, babu canji. Na ji ana cewa a juya zurfi, na saka `glDepthRange(1, 0)`, shi ma shiru. Me ya rage?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kama hanya, sai dai abubuwa uku ne dole su haɗu a lokaci guda kafin ka ga komai, kai kuma ɗaya daga ciki kawai ka yi daidai. Bari mu bi lissafin da lambobinka, domin in ka ga inda daidaiton yake zurarewa, gyaran layi kaɗan ne.

Abin da ake ajiyewa a ma'ajiyar zurfi ba nisan abu ba ne. Bayan rabawa da `w`, lambar da ke shiga ma'ajiyar kusan `d = 1 - n/z` ce, inda `n` yake iyakar kusa, `z` kuma nisan abin daga kyamara. Saka lambobinka ka gani. Abin da ke mita 0.2 yana samun 0.5. Wato rabin lambobin ma'ajiyar gaba ɗaya sun ƙare a cikin santimita goma na farko, wurin da ba ka zana komai sai wataƙila gilashin jirgi. A mita 10 an riga an kai 0.99. Duk duniyarka, daga mita 10 har kilomita 50, cunkushe take a ɗan ragowar nan da ke tsakanin 0.99 da 1.

Ma'ajiya mai bit 24 tana raba tsakanin 0 da 1 gida-gida daidai wa daida, kowane taki kusan `6e-8`. Tazarar da taki ɗaya yake wakilta a fili ita ce `z*z/n` sau wannan takin. A kilomita 1 ya kama mita 0.6. A kilomita 10, mita 60. A kilomita 50 ya kusa kilomita ɗaya da rabi. To fuskoki biyu da tazararsu a zurfi ba ta kai mita 60 ba, a nisan kilomita 10, lamba ɗaya suke samu ko biyu maƙwabta, kuma ɗan kuskuren lissafi ne yake zaɓar wadda za ta fito. Kyamara ta motsa, zaɓin ya canza. Ƙyaftawar da kake gani ke nan. Ka kuma lura cewa iyakar nesa kusan ba ta da tasiri a wannan lissafin. Mutane da yawa ita suke fara ragewa, su yi ta mamaki. Mai iko shi ne `n`: in ka ɗaga shi daga 0.1 zuwa 1, mita 60 ɗin nan ta koma 6.

Me ya sa bit 32 bai taimaka ba? `float` ba ya raba lambobinsa daidai wa daida. Kamar rula ce da zanenta ke ƙara cunkushewa yayin da kake kusantar sifili: tsakanin 0.5 da 1 akwai lambobi kusan miliyan 8.4, tsakanin 0.25 da 0.5 akwai wasu miliyan 8.4, haka za ka yi ta rabewa har ƙasa. Tsakanin 0.5 da 1 takinsa `2^-24` ne, daidai da na bit 24 ɗin da ka baro. Tsaunukanka kuwa duk a nan suke zaune, gab da 1. Tarin lambobin da ke kusa da sifili kuma an ba wa hancin kyamara, wanda dama ya ƙoshi. Ka ƙara bit takwas, nesa bai samu ko ɗaya ba.

Dabarar juyawa ita ce a sa kusa ya zama 1, nesa ya zama 0. In ka tura iyakar nesa har ba iyaka, lissafin ya zama `d = n/z` kawai. Yanzu `1/z` yana matse nesa zuwa sifili, `float` kuma a can yake da yalwa, sai ɗaya ya kashe aibin ɗaya. Abin da ke kilomita 10 yana samun `1e-5`, takin `float` a wannan wurin `2^-40` ne, in ka mayar da shi fili bai cika milimita ɗaya ba. Daga mita 60 zuwa ƙasa da milimita. A kilomita 50 kusan milimita 6 ne. Kuskuren ya koma wani ƙaramin kaso na nisan kansa, kusan ɗaya cikin miliyan goma, ko kusa ko nesa. Shi ya sa Unity da Unreal suke aiki da juyayyen zurfi, Godot ma ya koma kansa a 4.3 a shekarar 2024.

Yanzu ga inda OpenGL ya yi maka tarko. A Direct3D da Vulkan da Metal, zurfi bayan rabawa da `w` yana tsakanin 0 da 1 ne tun asali. OpenGL kuwa tsakanin -1 da 1 yake ajiye shi, daga baya ya ninka da 0.5 ya ƙara 0.5. `glDepthRange(1, 0)` a wannan matakin ƙarshe yake aiki. Kafin a iso gare shi, zurfin tsauninka ya riga ya zauna gab da 1 a cikin `float`, an riga an yanke masa ƙananan lambobinsa. Ɗebe shi daga 1 ba zai dawo da abin da aka zubar ba. Za ka samu lamba ƙarama, amma mai taki irin na da. Ko matiriks ɗin ka juya ba tare da ka taɓa wannan tsarin ba, nesa zai faɗa gab da -1, inda takin yake da faɗi iri ɗaya. Maganin shi ne `glClipControl`, wanda ya shiga OpenGL 4.5 a 2014, kuma ana samunsa a tsofaffin sigogi ta `ARB_clip_control`.

```
glClipControl(GL_LOWER_LEFT, GL_ZERO_TO_ONE);
glClearDepth(0.0);
glDepthFunc(GL_GREATER);
```

Ka cire `glDepthRange` ɗin nan gaba ɗaya. Juyawar a matiriks za a yi ta. In da GLM kake aiki, kyamara na kallon `-z`, gina shi da hannu:

```
float f = 1.0f / tan(fovy * 0.5f);
glm::mat4 p(0.0f);
p[0][0] = f / aspect;
p[1][1] = f;
p[2][3] = -1.0f;
p[3][2] = n;
```

Da wannan, `z` na fita `n` ne tsantsa, `w` kuma nisan abu. Babu ɗebe manyan lambobi biyu masu kama da juna, wanda shi ne ke cin daidaito a matiriks ɗin gargajiya. Ni dai ba na ganin dalilin riƙe iyakar nesa a irin wasanka. In kana son daina zana abin da ya wuce kilomita 50, yi shi a wajen tantance abubuwan da za a zana, ba a ma'ajiyar zurfi ba.

Na uku shi ne ka tabbatar `32F` ɗin nan da gaske a kansa kake zane. Ma'ajiyar da taga ke zuwa da ita galibi bit 24 ce, kuma juyawa a kanta kusan aikin banza ne, tunda takinta ɗaya ne ko'ina. Sai ka yi naka FBO, ka maƙala masa zurfi mai `GL_DEPTH_COMPONENT32F`, ka zana a ciki, sannan ka kwafa zuwa allo. In kana amfani da sitensil, `GL_DEPTH32F_STENCIL8` za ka nema, ka kuma san cewa ya fi na 24 da 8 cin wuri. Don ka gane ko abin ya kama, ɗauki firem ɗaya da RenderDoc, ka duba sunan tsarin ma'ajiyar, sannan ka karanta fiksel biyu-uku a kan gangaren tsauni mai nisa. Ya kamata ka ga lambobi irin `0.00001` suna canzawa a hankali daga fiksel zuwa fiksel. In ka ga ƙananan lambobi amma suna tsalle mataki-mataki, fiksel da yawa a jere da lamba ɗaya, to `glClipControl` bai yi aiki ba ko ma'ajiyar ba `float` ba ce. In allon ya yi baƙi ƙirin, yawanci an manta share zurfi da 0 ne.

Ranar da ka juya, wasu abubuwa za su lalace, kada ka firgita. Sararin sama ne na farko. Dabarar nan ta `gl_Position = pos.xyww` tana ajiye sama a zurfi 1, wanda yanzu shi ne hancin kyamara, sai sama ta rufe komai, ko ta ɓace gaba ɗaya in da `GL_LEQUAL` kake zana ta. Mayar da `z` ɗinta 0, ka zana ta da `GL_GEQUAL`. Duk inda kake karanta zurfi don hazo ko ruwa ko inuwar lunguna, tsohon lissafin mayar da shi nisa ya mutu, sabon shi ne `z = n / d`, ka kuma yi hattara da `d` na sama wanda sifili ne. Alamar `glPolygonOffset` tana juyawa: abin da da yake janyo zane gaba, yanzu baya yake tura shi, shi ya sa layukan titin saukar jirgi sukan ɓace. In kana ciro fuskokin akwatin gani daga matiriks don tantancewa, fuskar nesa ba ta da ma'ana yanzu, tsallake ta. `glClipControl` kuma kowane zane yake shafa, har na taswirar inuwa, don haka matiriks ɗinta ma sai ya fitar da 0 zuwa 1. Taswirar inuwar rana ba ta amfana da juyawa sosai, domin zurfinta miƙaƙƙe ne, babu `1/z` a cikinsa.

Akwai kuma iyakar da nake so ka sani tun yanzu, domin a wasa mai faɗin naka za ka ci karo da ita. Milimitan da na lissafa na ma'ajiya ne kaɗai. Wurin kowace kusurwa ma `float` ne, kuma a kilomita 50 daga tsakiyar duniyar wasa takinsa kusan milimita 4 ne. A kan tsauni ba wanda zai lura, amma in jirgin kansa ya yi nisa haka daga tsakiya, allon matuƙi zai fara rawa a gaban idonka, sassansa suna gocewa juna. Alamarsa daban ce da ta farko: wannan abin kusa yake kamawa, kuma yana tsananta ne da nisan tafiya, ba da nisan gani ba. Juya zurfi ba ya taɓa shi. Riƙe wuraren abubuwa da na kyamara a `double`, ka ɗebe na kyamara daga na kowane abu tun kafin ka aika wa katin hoto, sai ka mayar da sakamakon `float`. Haka nan fuskoki biyu da suke kwance a kan juna daidai, kamar ruwa da yashi masu tsayi ɗaya, za su ci gaba da faɗa ko nawa ne bit ɗinka. Waɗannan sai ka raba su da kanka, ko ka sa ƙasar ta nutse sosai a ƙarƙashin ruwan.

In injin da kake son wasan ya yi aiki a kansa ba shi da `glClipControl`, fara da ɗaga `n`. Zana cikin jirgin daban da nasa matiriks, ka share zurfi tsakani, ka ba duniyar waje `n` na mita 5 ko 10. Da mita 10, takin kilomita 10 ya sauko zuwa mita 0.6 ko a bit 24. Rubuta zurfin logaridim ta `gl_FragDepth` ma yana aiki, amma yana hana katin yin gwajin zurfi da wuri, sai ka biya kuɗin lissafin fiksel ɗin da tsauni ya riga ya rufe.