Ribar jaka goma da bikin da kaya ba su iso ba

"Maigida, na fara sayar da jakunkunan mata ta intanet ba tare da na ajiye kaya ba, wato dirofshifin, sai an yi oda nake turawa Sin a aiko. Ina ciniki amma ba na ganin riba, ga masu saye suna ta faɗa kan jinkiri. Me ke jawo haka?"

Ɗauko alƙalami ka yi lissafin da samarin yanzu ba sa son yi, domin su da zarar sun ga sanarwar banki ta shigo waya sai su ɗauka kuɗin nasu ne. A ce jaka ɗaya tana tashi naira 9,000 a wurin mai kayan, kuɗin jirgi ya ci 3,500, mai babur ya kai ta gidan mai saye a kan 1,500. Ka kashe 30,000 a tallar Facebook ka samu masu saye goma, wato kowace jaka ta ɗauki 3,000. Jimilla 17,000 ke nan, ka sayar 20,000, abin da ya rage maka 3,000. To idan jaka ɗaya cikin goman ta iso a yage, ko launinta ya saɓa wa hoto, ka mayar wa mai ita kuɗinta, ka yi asarar 17,000, domin babu mai hankalin da zai biya jirgi ya mayar da jaka guda Sin. Ribar sauran taran 27,000 ce, ka cire asarar, ka tashi da 10,000 a kan cinikin 200,000.

Ba kuma za ka iya ƙara farashi ba, saboda hoton da mai kayan ya ba ka shi ne ya ba wa mutum ɗari irinka, kuma mai saye na iya ganinsu duka a wayarta kafin shayinta ya huce. Ɗan kasuwar Sabon Gari da ya yi kwantena ta ruwa yana biyan kuɗin dako kaɗan ƙwarai a kan kowace jaka, an kuma yi masa farashin sari, alhali kai kana saye ɗai-ɗai kana biyan jirgin sama da ake auna shi da kilo. Ga kuma canji: kana karɓar naira, kana biya da yuwan, kuɗin Sin, ko dala, duk motsin da aka samu tsakanin ranar da ka sa farashi da ranar da ka biya daga aljihunka zai fita. Yadda ake buɗe shafi da ɗora hoto ba zan ɓata bakina a kai ba, kowane yaro mai waya ya iya.

Abin da nake so ka ji shi ne abin da wani mai kaya a birnin Guangzhou na Sin ya yi mini a farkon 2024, wanda har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Wata Hajiya da ta daɗe tana sayayya a wurina za ta aurar da ’yarta a farkon watan Maris, kafin azumi, ta ce tana son jaka arba’in iri ɗaya, launi ɗaya, na ƙawayen amarya da ’yan uwa, don su dace da ankon da aka fitar. A tsakiyar Janairu ta biya ni kuɗi cif, ba ta nemi ragin ko sisi ba, ni ma na biya mutumin, wanda ya rantse cewa kayan suna ɗakin ajiyarsa kuma cikin mako uku za su sauka Kano. Bayan kwana biyu ya turo lambar bin sawun kaya, na tura wa Hajiya, hankalin kowa ya kwanta.

Lambar nan duk lokacin da na duba ta abu ɗaya take nunawa, "Shipment information received", wato an buga takardar aikawa amma kamfanin dakon bai karɓi ko ƙulli ɗaya ba. Na yi magana ya ce cunkoso ne. Ashe jakunkunan ba su a hannunsa, shi ma dillali ne irina, yana jiran masana’anta, ita kuma ta riga ta sallami ma’aikata saboda sabuwar shekarar Sinawa, wadda a shekarar ta faɗo 10 ga Fabrairu. Hutun gwamnati kwanaki kaɗan ne, amma masana’antu da yawa sukan rufe tun kafin ranar, ma’aikata su tafi garuruwansu, aiki ba ya komawa daidai sai bayan makonni. Mutumin ya san da haka sarai lokacin da ya karɓi kuɗina, ya karɓa ne don ya yi bikinsa da su, sannan ya daina amsa saƙo.

A daidai wannan lokacin naira ta faɗi, dala ta haura 1,500, kuma duk wani kayan waje a Kano farashinsa ya tashi. Da biki ya matso na shiga kasuwa da ƙafata ina neman jaka arba’in iri ɗaya, ban samu ba, sai na haɗa iri uku masu launi kusa da juna a kan kuɗin da ya kusa ninka abin da Hajiya ta ba ni, na cika daga jarina. Ta karɓa, ba ta zage ni ba, cewa kawai ta yi, "Alhaji, da ka gaya mini da wuri da na san yadda na yi." Jakunkunan na ainihi sun iso cikin azumi, biki ya wuce, na karya farashi na rabu da su.

Asarar kuɗin ta yi ciwo, amma wadda ta biyo baya ta fi ta. Hajiya tana cikin zauren WhatsApp na matan unguwarsu da danginta, kuma daga can yawancin odar da nake samu ba tare da talla ba take fitowa. Bayan bikin shiru ya biyo baya, babu wadda ta sake kirana. Mai saye ba ta san wani mutum a Guangzhou ba, ba ta san masana’anta ba, asusunka ta tura wa kuɗi, don haka kowace rana ta jinkiri a kanka take rubuta ta. A sana’ar da ribar ciniki na farko talla ke cinye ta, wadda ta dawo saye na biyu ba tare da ka sake biyan 3,000 ba ita ce ribarka ta gaskiya, kuma ita ce jinkiri yake fara kora.

Saboda haka lambar bin sawu kada ta ruɗe ka. Idan kwana uku ko huɗu suka wuce ba ta nuna an karɓi kayan an auna nauyinsu ba, ka ɗauka ba su bar hannun kowa ba. Kafin ka biya oda mai yawa, ka sa mai kayan ya ɗauko maka bidiyonsu tare da takarda mai ɗauke da sunanka da kwanan watan ranar. Wanda ya fara kawo uzuri ba shi da su. Idan ya ce mako uku, kai ka ce wa mai saye mako biyar. Daga tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu, da makon farko na Oktoba da Sinawa ke hutun ranar ƙasa, kada ka karɓi odar da ke da ranar biki ko ta Sallah a kanta sai kayan suna Kano ka taɓa su da hannunka. Ranar da ka ga alamar matsala kuwa, ranar za ka kira mai saye da bakinka, ka ba ta zaɓi tsakanin jira da karɓar kuɗinta. Ku yaran yanzu kashe waya kuke yi ku ɓuya, kuna jin kunyar kira, sai ta kai an ɗora hotonku ana kiranku ’yan damfara.

Jakar da ka ga ta fi fita a cikin odarka, sayi dozin biyu ka ajiye a ɗakinka, ko da sauran za su ci gaba da zuwa daga Sin. Gobe ka zo mini da littafinka mu duba nawa ka kashe a talla watan jiya.