Taku yana raguwa, amma tafiya ba ta tsaya ba

Tambaya: Malam, a jarrabawa na nuna cewa tazarar da ke tsakanin kowace lamba da mai bi mata a jeri tana raguwa zuwa sifili, sai na ce jerin na Cauchy ne. Aka soke amsar. Ina na kuskure?

Amsa: Ɗalibi, maƙwabta kawai ka duba, sharaɗin Cauchy kuwa ya wuce nan. Abin da yake cewa shi ne: duk ƙanƙantar tazara ε da aka ba ka, akwai wani matsayi N wanda daga shi zuwa gaba, kowaɗanne lambobi biyu ka ɗauko, a_m ta matsayi na m da a_n ta matsayi na n, |a_m − a_n| < ε. Ba a ce m ta zauna kusa da n ba. Tana iya yi mata nisa da taku miliyan. Kai kuwa ka ɗaure m ta zama n + 1.

Ɗauki jerin a_n = √n. A matsayi na 10,000 lambar 100 ce cif. A na 10,001 kusan 100.005 ce. Tazarar ba ta kai a ce komai ba, kuma raguwa za ta ci gaba da yi, domin √(n+1) − √n = 1/(√(n+1) + √n), ƙasan kuma ƙaruwa yake yi. Abin da ka nuna a jarrabawa ya cika ke nan. To leƙa matsayi na 40,000: lambar ta zama 200. Waɗannan ƙananan takun da muka raina, da suka taru har 30,000, sun kai mu nisan 100. Kuma ko'ina ka fara haka ne, domin √(4n) − √n = √n. Ba ka da N da za ta tsare tazarar ƙasa da 1 ma, balle ƙasa da 0.001.

Na fi son misalin nan saboda yana nuna gwaji mai sauƙi. Duk jerin Cauchy yana da shinge sama da ƙasa, kuma a layin lambobi na haƙiƙa dole ya doshi wata lamba guda. √n ba shi da shinge, don haka magana ta ƙare. In kana shakka, sa m = 2n ko m = 4n ka ga ko tazarar ta ƙi sauka.

Akwai inda duban maƙwabta yake isa, wato idan takun yana raguwa da saurin da jimillarsa ba ta ƙetare iyaka. Idan |a_(n+1) − a_n| ≤ 1/2^n, to daga matsayi N duk sauran tafiyar ba ta wuce 2/2^N ba, kuma ka samu Cauchy. Amma ka yi hattara da taku mai girman 1/n. A jimillar 1 + 1/2 + 1/3 + …, daga n zuwa 2n ana ƙara lambobi guda n, kowace ba ta gaza 1/(2n) ba, wato aƙalla rabi ke nan duk lokacin da ka ninka n, don haka jerin ba na Cauchy ba ne.