Farawa da tsada ko farawa da araha: abin da mai duba jarrabawa yake nema

"Malam, ni 'yar kasuwa ce, ina kuma karatun kasuwanci da yamma. Na haddace ma'anar dabarun sa farashi guda biyu, sikimin da fenetireshan, amma da an ba ni labarin wani kamfani an ce in zaɓa masa ɗaya, sai in rasa ta inda zan kama. Yaya zan gane wanda ya dace?"

Hajiya, makin da ake bayarwa a kan ma'ana kaɗan ne. Mafi yawansa yana wurin hujjar da kika tsamo daga cikin labarin da aka ba ki. Saboda haka kafin ki ɗora alƙalami, duba abu biyu: shin masu sayen kayan nan suna gudu idan farashi ya hau, kuma wata nawa zai ɗauki abokan hamayya su fito da irinsa?

Farawa da tsada, wato sikimin, yana tafiya ne idan kayan sabo ne, akwai masu ɗokin mallakarsa kafin kowa, kuma babu mai iya kwaikwayonsa nan kusa. Idan labarin ya ambaci haƙƙin mallakar ƙirƙira, wanda a yawancin ƙasashe shekara 20 yake yi, ko ya ce kamfanin ya kashe kuɗi mai yawa a bincike, to an nuna miki hanya. Kamfanin zai fara da masu biyan tsada, ya mayar da kuɗin bincikensa, sannan ya riƙa sauke farashi don na bayansu su samu shiga. Amma saukewar tana da haɗari. A 2007 kamfanin Apple ya fito da iPhone a kan dala 599, bayan wata biyu da 'yan kwanaki ya mayar da ita 399. Waɗanda suka riga suka saya suka fusata, sai da aka ba su takardar sayayya ta dala 100.

Farawa da araha, wato fenetireshan, yana bukatar akasin haka: kasuwa mai faɗi, kaya masu kama da juna, da masu saye da ragi kaɗan ke sa su sauya sheƙa. A nan ne ɗalibai suka fi zubar da maki, domin sai su rubuta "zai jawo masu saye da yawa" su tsaya. Da yawa har nawa? Yi lissafi. A ce kowane guda ɗaya yana cin kamfani 40. Idan ya sayar a 100, mutum 1,000 suka saya, ribarsa 60,000 ce. Idan ya sa 55, ribar kowane ɗaya ta koma 15, don haka sai ya sayar da 4,000 kafin ya kamo waccan ribar. To amma idan yawan ƙerawa ya sauke kuɗin guda ɗaya zuwa 30, ribar ta zama 25, guda 2,400 sun wadatar. Wannan saukar kuɗin ƙerawa ita ce ƙashin bayan dabarar. Idan labarin ya nuna ƙaramin kamfani ne da injinansa ba za su fitar da fiye da 1,500 ba, araha ba ta da amfani a gare shi, ko da masu saye sun yi layi.

Sai kuma aljihu. Lokacin da Jio ya shiga kasuwar sadarwar Indiya a Satumban 2016, ya yi watanni yana ba da kira da data kyauta, ya tara masu layi miliyan 100 cikin kwana 170. Ya iya haka ne saboda Reliance, babban kamfanin da ya mallake shi, na bayansa da maƙudan kuɗi. Ƙaramin kamfanin da ke cikin takardar jarrabawarki mai yiwuwa ba shi da wannan gata.

A wurin rubutu, faɗi zaɓinki tun a layin farko, ki kawo hujja biyu daga labarin da alƙalumansu, sannan ki nuna inda zaɓin zai iya ci miki tuwo a ƙwarya. Ga tsada, riba mai kauri tana kiran masu kwaikwayo. Ga araha, ɗaga farashi daga baya yana da wuya, domin wanda araha ta kawo, araha ce za ta ɗauke shi, kuma wasu za su ɗauka kayan ba su da inganci. Ni a ganina, idan hujjojin labarin suka rabu biyu, ki fifita batun kwaikwayo: kayan da za a iya kwafa cikin wata uku ba sa ba kamfani lokacin cin ribar tsada. Kada kuma ki rikita fenetireshan da karya farashi ƙasa da kuɗin ƙerawa don a kashe abokin hamayya. Wannan dabara ce daban, kuma dokokin gasa na ƙasashe da dama sun hana manyan kamfanoni yin ta.