Gasar ƙwallo da ƙungiya 13: wa zai huta, wa zai buga?

"Salamu alaikum ƴan'uwa. Fadarmu ta shirya gasar ƙwallo ta hutun makaranta a unguwar Bagalam da ke Maradi, sili ɗaya ƙwale. Ƙungiya 13 suka biya kuɗin shiga. Ta yaya za mu haɗa su ba tare da an ce mun yi son kai ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi tambayarka ta sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Abu guda nake roƙonka: duk ƙungiyar da za ta wuce ba wasa, ta wuce a zagayen farko, kuma kowa ya san da haka tun ba a taɓa ƙwallo ba.

Mu a gasar da muka taɓa yi ƙungiya 12 ne, kuma ina cikin masu kai yaran unguwarmu. Shugaban kwamiti ya ce ai 12 tana rabuwa biyu, babu matsala. Aka buga, saura 6. Aka sake bugawa, saura 3. To wa zai buga da wa? Nan ya shiga ɗaki da mutanensa, suka fito suka ce wai an yi ƙuri'a, ƙungiyar unguwarsu ta wuce wasan ƙarshe. Babu wanda ya ga takardar ƙuri'ar. Yaranmu suka buga na kusa da ƙarshe ranar Asabar cikin rana, har da bugun fenariti, Lahadi kuma aka ce su fito su kara da waɗanda suka kwana suna hutawa. Mai tsaron gidanmu da ɗaurin tsumma a gwiwa ya shiga fili. Da na yi magana sai mutumin nan ya ce mini in ban iya shan kaye ba in koma gida. A gaban yara ya faɗa! Har yau in mun haɗu a kasuwa gaisuwa ce kawai, don Musulunci.

Lissafin kuwa ba wuya. Irin wannan gasa ba ta tafiya daidai sai da 4, 8, 16 ko 32. Ka ɗauki wadda ke saman adadinka, wato 16, ka cire 13, saura 3. Ƙungiya 3 ke nan za su huta a zagayen farko. Sauran 10 su buga wasa 5, masu nasara 5 su haɗu da 3 ɗin can, an samu 8 cif. Daga nan 4, 2, kofi, babu sauran mai wucewa a ɓagas. Wasanninka duka 12 ne, don kowane wasa ƙungiya ɗaya yake fitarwa, sai ka san kwanakin fili da kuɗin alƙalan wasa da za ka tanada. Kuma don Allah kada alƙali ya fito daga unguwar da ke buga wasan, wannan ma wani ciwon ne.

Su wa za su huta? Ka jera su daga 1 zuwa 13 bisa ƙarfi, ka zana gurbi 16 a babbar takarda. Kowane haɗi jimillarsa 17 ce. Rabin sama: 1 da 16, 8 da 9, 4 da 13, 5 da 12. Rabin ƙasa: 2 da 15, 7 da 10, 3 da 14, 6 da 11. Tunda babu masu lamba 14, 15 da 16, ka ga 1, 2 da 3 ba su da abokin karawa, hutun ya faɗo musu da kansa. Kada ka sauya jerin nan. Shi ne ke hana 1 da 2 haɗuwa kafin wasan ƙarshe. In kana son ka gane ko ka zana daidai, ɗauka manya duk sun ci: zagaye na biyu ya zama 1 da 8, 4 da 5, 2 da 7, 3 da 6, kowanne jimilla 9.

Na san za ka ce wa ya isa ya ce wannan ta fi waccan a Maradi, kowa gani yake tasa ce gaba. Kada ka jera da ra'ayinka. Mai kofin bara ita ce 1, wadda ta sha kaye a wasan ƙarshe 2, biyun da suka tsaya a kusa da ƙarshe a yi musu ƙuri'a tsakanin 3 da 4, tunda ɗaya ce kawai za ta samu hutu. Daga 5 zuwa 13 duk ƙuri'a. In kuwa bana kuka fara, to duka 13 ɗin ƙuri'a. A zuba sunaye a hula a gaban kaftin na kowace ƙungiya da mai unguwa, ƙaramin yaro ya riƙa zarowa, kowa ya sa hannu, a ɗauki hoton takardar a tura wa kowa a waya.

Za su zo maka bayan ƙuri'a, wani Alhaji ya ce a saka yaransa, zai ƙara kuɗin kofi. Ka ba shi haƙuri. Ƙungiya ta 14 na shiga, mai lamba 3 ta rasa hutunta, rigima sabuwa. Wadda ta janye kuma abokiyar karawarta ta wuce, ba a sake zane. Masu buga zagayen farko ka bar musu ko da kwana 2 kafin su haɗu da waɗanda suka huta. Allah ya sa a yi lafiya a gama lafiya.